Buhu Biyu na Taki, Hekta Guda ta Gona: Yaya Za a Raba?

A ɗauki manomi a yankin Zariya mai hekta guda, shi da ɗansa ne ke aikin, abin da aljihunsa ya iya kuma buhu ɗaya ne na NPK 15:15:15 da ɗaya na yuriya. Zuciya za ta ce masa ya cika gonar da masara, tunda ita ce mai kuɗi. A nan asarar take farawa.

Masara macijiyar taki ce. A wannan yanki malaman gona kan ba da shawarar kilo 120 na sinadarin naitirojin ga kowace hekta. Buhun NPK mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 ne kacal, na yuriya kuma kilo 23. Jimilla kilo 30 da ɗoriya, wato abincin rubu'in hekta. In aka barbaza shi a gonar duka, za a ga ganyen ƙasa yana yin rawaya daga tsini ya bi jijiyar tsakiya, kara ya sirance, goyo ya fito ƙanana. Gara a ware rubu'in da ya fi ƙarfi, wanda wuta-wuta ba ta cinye ba, a ba masarar. A sa NPK cikin mako biyun farko, yuriya a mako na biyar ko na shida, a tona a binne lokacin da ƙasa ke da danshi, domin yuriyar da aka bari a fili iska ce ke kwashe amfaninta.

Rubu'i na biyu na gyaɗa ne ko waken suya, waɗanda ke samo naitirojin ɗinsu daga iska. Baɗi sai masara ta koma wurin. Sauran rabin kuwa dawa da gero, da ɗan takin gida in akwai. Gero na nuna da wuri, ya fitar da gida daga yunwar Agusta.

A ganina, abin da aka fi mantawa shi ne hannu. Noman firi ba ya jira: mako biyu zuwa uku bayan shuka ciyawa ta taso, kuma a lokacin kowa gonarsa yake, kuɗin ƙwadago ya hau. Wanda ya shuka komai rana ɗaya, rana ɗaya aikin zai rufto masa. Shi ya sa ake fara gero da ruwan farko, masara da gyaɗa su biyo baya in damina ta kankama, wake kuma a sa shi tsakanin hatsi wajen ƙarshen Yuli, bayan aiki ya lafa.

Waken nan fa yana da sharaɗi. In ba a ajiye kuɗin feshi biyu ko uku ba tun farkon damina, ƙwari za su kakkaɓe furen, a tashi da harawa kawai. Wanda bai da kuɗin, ya rage layukan waken.