An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin da Malaman Mantiƙi ke Kira Ad Hominem

Malamin ya shigo aji, ya ɗauki alli, bai rubuta sunan darasi ba sai lissafi. Gidaje 40 ne a wata unguwa, kowane gida ya ba da naira 5,000 don gyaran rijiyar burtsatse. An tara 200,000 ke nan. Ranar da aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, ma'aji ya baje rasit uku: na famfo 90,000, na bututu 35,000, na ladan mai gyara 25,000. Wani saurayi ya haɗa su a wayarsa, ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, 150,000 na gani a nan. Ina sauran 50,000?"

Malamin ya juyo ga ɗalibai ya ce su faɗa masa amsar da suka san za a ba yaron. Ba su yi wata-wata ba. "Kai yaushe aka haife ka?" in ji ɗaya. Wata ta ce, "Ai haushi yake ji, yayansa ne ya nemi kujerar ma'aji ya faɗi." Na can baya ya ƙara da, "Ku da kuka cinye kuɗin ƙungiyar ƙwallo bara, har kana da bakin magana?" Aji ya kaure da dariya, don kowa ya taɓa jin irinsu, wasu ma daga bakinsu suka taɓa fita. Da hayaniya ta lafa sai malamin ya ɗora yatsa kan allo ya yi tambaya guda: a cikin amsoshin nan uku, wacce ce ta nuna inda 50,000 ta shiga?

Babu ko ɗaya. A lokacin ne ya rubuta sunan darasin: ad hominem.

Kalmar Latin ce, ma'anarta "zuwa ga mutum". A ilimin mantiƙi, wato ilimin auna hujja, ana nufin mutum ya bar maganar da aka kawo ya koma kan mai maganar, sannan ya yi kamar ya rushe maganar. Bahaushe ya daɗe da sanin abin, shi ya sa yake cewa an bar jaki ana dukan taiki. Abin da aji ke ƙarawa shi ne nuna daidai inda igiyar ta tsinke. Kowace hujja tana da ginshiƙai, tana da sakamakon da aka ɗora a kansu. Ginshiƙan saurayin biyu ne: an tara 200,000, rasit sun nuna 150,000. Sakamakon shi ne akwai 50,000 da ba a yi bayaninta ba. Mai son ka da wannan hujja ƙofa biyu kawai gare shi. Ko ya nuna ɗaya daga cikin ginshiƙan ƙarya ne, misali gidaje goma ba su biya ba, ko ya nuna sakamakon bai fito daga ginshiƙan ba. Shekarun yaron da zaɓen yayansa ba su taɓa ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba.

Amsoshin ɗaliban, ba da saninsu ba, sun faɗa cikin rukunai ukun da littattafan mantiƙi suka saba kawowa. Ta farko ƙasƙantarwa ce tsagwaronta: yaro ne, mace ce, baƙauye ne, bai yi boko ba, ko kuma boko ta lalata shi. Ta biyu ta fi wayo, domin tana nuni ga wata manufa da mai magana yake da ita, kuma sau da yawa manufar gaskiya ce. Mai yiwuwa ne ƙwarai saurayin yana jin haushi. Amma haushi yana bayyana dalilin da ya sa ya buɗe baki ne kawai, ba ya canja jimillar 90 da 35 da 25. Ta uku ita ce "kai ma ai haka", wadda da Latin ake kira tu kwokwe. Ita ce makamin miji da mata, da na 'yan siyasa a gidan rediyo. Likita mai shan taba ya ce wa majinyaci taba na lalata huhu, majinyacin ya ce, "Likita, ai na ga kwali a aljihunka." Ya kama likitan da saɓa wa maganarsa, wannan gaskiya ne, amma huhunsa bai san da wannan nasara ba.

Wani abin sha'awa shi ne kalmar ba da wannan ma'ana ta fara tashe ba. Masanin falsafar Ingila John Locke, a babban littafinsa kan fahimtar ɗan Adam mai ɗauke da shekarar 1690, ya yi amfani da ita ne wajen kama mutum da abin da shi kansa ya riga ya amince da shi. Kamar a ce wa ma'ajin, "Alhaji, kai ne ka ce a taron bara duk kuɗin da ba shi da rasit a ɗauka bai fita ba." Wannan ba zagi ba ne, riƙe mutum ne da igiyar da ya saƙa. Daga baya ne ma'anar ta karkata zuwa sukar mai magana, wadda ita ce aka fi sani yau.

Kada a ɗauka cutar ta jahilai ce. A Jamus, manyan masana kimiyya biyu, Philipp Lenard da Johannes Stark, dukansu masu lambar Nobel, na farko a 1905, na biyu a 1919, sun yi shekaru suna yaƙar ka'idar Albert Einstein da sunan wai "kimiyyar Yahudawa" ce. Alhali tun ranar 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, masu binciken taurari na Birtaniya sun ɗauki hotuna a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini da garin Sobral na Brazil, don auna ko hasken taurari yana lanƙwasawa idan ya wuce kusa da rana kamar yadda Einstein ya yi hasashe, kuma sakamakon da suka sanar ya goyi bayansa. Mai shakka yana da hanya a buɗe: ya soki awon, ya sake wani. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sai zancen asali ya samu gindin zama. A 1937 jaridar rundunar SS ta kira Werner Heisenberg "farin Bayahude", shi da ba Bayahude ba, don kawai yana koyar da irin wannan kimiyya, kuma kujerar farfesa ta Munich da ake sa ran zai gada ta kuɓuce masa.

Ɗalibin zaure ba zai ji wannan darasi baƙo ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a littafinsa Al-Munƙiz minal Dalal kan masu auna gaskiya da mutane maimakon su auna mutane da gaskiya. Misalin da ya bayar na zuma ne da aka zuba a ƙahon wanzami: mai raunin tunani zai ƙyamace ta saboda mazubin, alhali ƙahon bai canja zumar ba.

Sai dai a nan ne ɗalibai masu ɗoki suke zamewa, kuma a nan malamin ya fi daɗewa. Wanda ya koyi kalmar yau, gobe sai ya riƙa jifan kowa da ita, duk wanda ya ambaci halin wani ya ce ya yi ad hominem. Ba haka ba ne. Malamin ya ɗan sauya labarin. A ce saurayin bai kawo lissafi ba, cewa ya yi, "Wallahi na ga ma'aji da dare yana ƙirga wa mai sayar da babur kuɗin rijiya." Yanzu babu rasit da za a duba, babu jimillar da kowa zai iya haɗawa da kansa. Abin da ke gaban jama'a shaida ce, kuma shaida a kan mai ita take tsaye. Don haka halal ne a tambaya: an taɓa kama shi da ƙarya? Akwai gaba tsakaninsu? Daga ina ya hango, da wane haske, kuma ta yaya ya san kuɗin rijiya ne? Haushin nan na zaɓen yayansa, wanda ɗazu ba shi da wurin zama, yanzu ya zama abin dubawa. Alƙali yana yin wannan kullum idan ana tantance shaidu. Malaman hadisi kuwa ilimi sukutum suka gina a kai, na jarhu da ta'adili, inda ake bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya a ga wane ne mai gaskiya, wane ne mai rikon hadda, wane ne mai mantuwa. Ba wanda zai ce Imam Buhari ya yi kuskuren mantiƙi don ya ƙi karɓar ruwayar maƙaryaci.

Ko a nan ma akwai iyaka. Gaba tana rage nauyin shaida, tana sa a nemi wani mai tabbatarwa. Ba ta tabbatar da cewa abin bai faru ba, tunda maƙiyi ma yana da ido.

Gwajin da malamin ya ba ɗalibansa mai sauƙi ne, shi yake kira sauya baki. A cire maganar daga bakin wanda ya faɗe ta, a sa ta a bakin limamin unguwa. Idan liman ne ya ce rasit 150,000 suka nuna, shin lissafin ya ƙara inganci? Bai ƙara ba, kowa na iya haɗawa da kansa, saboda haka mai magana ba shi da tasiri, kuma sukarsa dukan taiki ne. Idan kuwa liman ne ya ce ya gani da idonsa, lallai nauyin maganar ya canja, wanda ke nuna cewa tun farko a kan mutum take tsaye.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to idan ma'ajin ya zage shi amma ya kawo amsa fa?" Malamin ya ji daɗin tambayar. A ce ma'ajin ya zaro rasit na huɗu daga aljihu ya ce, "Ga na siminti da yashi, 50,000, mara kunyar banza." Ya yi rashin kyautawa, dattawa su tsawata masa. Amma bai yi ad hominem ba, domin rasit ne ya rushe hujjar, zagin rakiya kawai ya yi. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi wuyar ganewa: dattijo ya yi murmushi ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ɗana, bari ka girma tukuna, za ka gane." Babu ashar, babu ɗaga murya, amma tambayar ta mutu a wurin ba tare da an amsa ta ba.

Kafin a tashi, ɗalibin nan na can baya ya tambaya ko ke nan ma'ajin ɓarawo ne, tunda magoya bayansa sun koma sukar yaron. Malamin ya girgiza kai. Mummunar kariya ba ta tabbatar da laifi, in ji shi. Mai yiwuwa rasit na huɗu yana gida cikin aljihun wata rigar. Abin da aka sani kawai shi ne har yanzu ba a amsa ba. Ya zagaye 50,000 ɗin da alli, ya ce aikin gida shi ne kowa ya saurari muhawarar siyasa guda a rediyo cikin makon, ya raba takarda gida biyu, ya rubuta abin da aka faɗa kan magana a dama, abin da aka faɗa kan mai magana a hagu, ya kawo ranar Litinin.