Sayar da hannun jarin aro: ribar tana da iyaka, asarar ba ta da shi

A kasuwar hannun jari akwai masu cin riba daga faɗuwar farashi. Ɗan kasuwa kan ari hannayen jari ta hannun dillali, ya sayar nan take, yana jiran farashi ya sauka ya saye su da araha ya mayar wa mai su. Idan ya ari guda 100 ya sayar a kan dala 20, ya karɓi dala 2,000. Farashi ya sauka zuwa 12, ya saya a kan 1,200, ribarsa 800.

Ko kamfanin ya rushe ƙurmus, ribar ba za ta wuce 2,000 ba. Tashin farashi kuwa ba shi da rufi.

Aron ma ba kyauta ba ne. Ana lissafa kuɗinsa kullum bisa farashin ranar, kuma yana hauhawa idan masu neman aro suka yi yawa. A kan kashi 30 cikin ɗari a shekara, aron dala 2,000 yana cin kusan dala 50 duk wata, ko da farashi bai motsa ba. Mai kayan kuma yana iya neman abinsa a kowane lokaci.

Babban haɗarin shi ne matsi. Da farashi ya tashi, dillali zai nemi ƙarin kuɗin jingina, wanda ya kasa biya a saye masa hannayen jarin ala tilas. Wannan sayen yana ƙara cilla farashi sama, ya jefa na gaba cikin rami ɗaya. Haka aka yi da kamfanin GameStop na Amurka a Janairun 2021. An shiga watan farashinsa bai kai dala 20 ba, ranar 28 ga wata ya taɓa dala 483. Wanda ya sayar da guda 100 a kan 20, sai ya nemo dala 48,300 kafin ya fita a wannan farashi. Kamfanin zuba jari na Melvin Capital ya yi asarar fiye da rabin dukiyarsa a watan, ya rufe a 2022.

Kariya mafi sauƙi ita ce umarnin `buy stop`, wato a saya da zarar farashi ya kai, misali, dala 24. Sai dai kasuwa na iya tashi yau a 23 ta buɗe gobe a 40, kuma a 40 ɗin za a saya.

Abin da ke kafa iyaka ta gaskiya shi ne sayen `call`, wato haƙƙin saye a farashin da aka yanke. Idan an biya dala 2 kan kowane hannun jari don haƙƙin saye a 25, asarar ba ta wuce dala 700, ban da kuɗin aro, ko farashi ya kai 483. Wannan kariya tana da wa'adi, ranar da ya cika kuma sai an sake biya.