Girman Ƙwayar Jini Ke Nuna Tushen Ƙarancin Jini

Da an ce wa mutum jininsa ya yi ƙasa, sai ya nufi kemis ya sayo maganin ƙarin jini. Sau da yawa a nan ake kuskure, domin ƙarancin jini iri-iri ne, kowanne da sanadinsa. A takardar cikakken gwajin jini akwai layin da aka rubuta MCV, wato matsakaicin girman jajayen ƙwayoyin jini. Ga baligi mai lafiya yana tsakanin 80 da 100, kuma daga wannan lamba likita ke fara bin sawun cutar.

Idan lambar ta gaza 80, ƙwayoyin sun ƙanƙance, kuma galibi sinadarin ƙarfe ne ya yi kaɗan a jiki. A ce ga mace mai haihuwa kusa-kusa, jinin al'ada yana zubar mata da yawa, numfashinta na sarƙewa in tana daka, har tana kwaɗayin cin ƙasa. An auna himogulobin ɗinta ya nuna 8, alhali bai kamata ya gaza 12 ba, MCV kuwa 68. Gwajin feritin zai nuna ko ajiyar ƙarfen jikinta ta ƙare. In haka ne, za ta sha ƙwayar ƙarfe, ba tare da shayi ba domin yana hana hanji tsotse ta, ta kuma ci gaba wata uku bayan jinin ya daidaita. Amma in dattijo ne ya zo da wannan sakamako, dole a binciki inda jini ke tsiyaya a cikinsa: gyambon ciki, tsutsar hanji, ko ciwon daji. Talasimiya, wadda ake gado, ita ma tana ƙanƙantar da ƙwayoyin, haka gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Mai talasimiya da ƙarfensa yake daidai, ƙara masa ƙarfe cutarwa ce.

In girman yana daidai amma ƙwayoyin sun yi kaɗan, ko dai jini ya zuba kwatsam, kamar wajen haihuwa, ko ƙwayoyin na farfashewa, kamar a zazzaɓin cizon sauro da sikila, ko kuma ɓargo ba ya ƙera isassu, kamar a ciwon ƙoda.

Sama da 100 kuwa, sai a duba ƙarancin folik asid ko bitamin B12, ciwon hanta, shan giya, da wasu magunguna irin su metfomin na masu ciwon suga. Abin da ya fi damuna a nan shi ne a bai wa mai ƙarancin B12 folik asid kaɗai. Jinin zai gyaru, amma jijiyoyi na ci gaba da lalacewa, ƙafa na mutuwa, tafiya na gagara.

Lambar kanta tana iya ruɗar mutum. Mai juna biyu da ta rasa ƙarfe da folik asid lokaci guda tana da ƙanana da manyan ƙwayoyi a gauraye, sai matsakaicin ya fito daidai. Sai an shafa jinin a gilashi an duba da madubin likita za a gane.