Sandar Jan Ƙarfe da Layuka Uku na Lissafi

A ɗauki sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin santimita 2.5. Bakinta ɗaya yana manne da injin da zafinsa ya kai digiri 130, ɗaya bakin kuma yana tsome cikin ruwan da zafinsa digiri 30 ne, daidai da na iskar ɗakin. An bar ta haka har zafin kowane wuri a jikinta ya tsaya cak. Tambaya: mene ne zafinta a tsakiya?

Wanda ya yi gaggawa zai ce digiri 80, tunda shi ne rabin hanya tsakanin 130 da 30. Ba haka ba ne. Sandar tana zubar da zafi cikin iska a duk tsawonta, don haka tsakiyarta ta fi haka sanyi. Mun san abin da ke faruwa a bakin nan biyu, mun san dokar da zafi ke bi a tsakaninsu, abin da muka rasa shi ne cikin. Irin wannan ita masana lissafi ke kira matsalar ƙimar iyaka, kuma dabarar da ɗaliban injiniya ke fara koya don warware ta ita ce wadda suke kira fainait difarens, wato amfani da bambancin da ke tsakanin ɗigo da maƙwabtansa.

Domin sauƙi, bari u ya zama yawan digirin da sandar ta ɗara iska da shi. A bakin injin u ɗari ne, a bakin ruwa sifiri. Dokar ita ce:

```
u'' = 4u,   u(0) = 100,   u(1) = 0
```

Alamar u'' tana nufin lanƙwasar layin zafi, wato yadda gangararsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri. Abin da dokar ke faɗi shi ne, inda sandar ta fi zafi nan ta fi zubar da zafi, nan kuma layin ya fi lanƙwasa. Lambar 4 ba daga sama ta faɗo ba. Ta fito ne daga kaurin sandar, da ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar zafi, wanda ya kai kusan wat 400 a kowace mita da kowane digiri, da kuma kiyasin wat 10 da iska mai kwanciya ke kwashewa daga kowace murabba'in mita a kowane digiri.

Wahalar wannan matsala ita ce ba a iya farawa daga gefe ɗaya a yi ta takawa har ƙarshe. Wanda ya jefa dutse ya san inda ya tsaya da ƙarfin jifarsa, don haka yana iya bin dutsen daƙiƙa bayan daƙiƙa. Mu a nan mun san zafin bakin injin, amma ba mu san gangarar da ya faro da ita ba. Rabin bayanin da muke buƙata yana can ɗaya bakin. Dole ne a nemo dukan ɗigogin a lokaci guda.

Sai mu daina tambayar zafin kowane wuri, mu tambayi na wurare kaɗan. A raba sandar gida huɗu, tazarar kowane gida h = 0.25 na mita. An sami ɗigo biyar. Na farko da na ƙarshe, u0 da u4, an san su. Saura uku: u1, u2 da u3.

Yanzu yaya za a auna lanƙwasa da ɗigogi kawai? A tsaya a kan u2. Gangarar da ke gabansa ita ce u3 a debe u2, a raba da h. Ta bayansa ita ce u2 a debe u1, a raba da h. Lanƙwasa kuwa ita ce bambancin gangarorin nan biyu, a sake rabawa da h. Idan aka haɗa, ga abin da ke fitowa a kowane ɗigo:

```
u'' ≈ (u[i-1] - 2u[i] + u[i+1]) / h²
```

Wannan layi shi ne zuciyar dabarar, kuma ma'anarsa a fili take: yana auna yadda ɗigo ya kauce wa matsakaicin maƙwabtansa biyu. In ɗigon yana daidai tsakiyarsu, lanƙwasa sifiri ce, layi miƙaƙƙe ne.

A sa shi cikin dokar, a ninka ɓangarorin biyu da h². Tunda h² shi ne 0.0625, ninka shi da 4 ya ba da 0.25. Bayan an tattara komai gefe guda, kowane ɗigo na ciki yana cewa: ni sau 2.25, a debe maƙwabcina na hagu da na dama, saura sifiri. Ɗigo na farko maƙwabcinsa na hagu sananne ne, ɗari, sai a ƙetarar da shi ɗaya ɓangaren. Na uku maƙwabcinsa na dama sifiri ne, sai ya ɓace.

```
 2.25·u1 -      u2           = 100
     -u1 + 2.25·u2 -      u3 = 0
               -u2 + 2.25·u3 = 0
```

Kalkulas ya ƙare a nan. Abin da ya rage daidaito uku ne da lambobi uku da ba a sani ba, irin lissafin da ake koya a sakandare. A lura da inda iyakokin suka koma: sun bar hagu, sun zauna a dama. Idan gobe aka ƙara wa injin zafi, lambar dama ce kawai za ta sauya.

Siffar lambobin hagu ma abin lura ce. In aka jera su a jadawalin da ake kira matiriks, za a ga 2.25 ta sauko a karkace ta tsakiya, -1 a sama da ita, -1 a ƙasa, sauran gurabe duk sifiri. Dalili shi ne kowane ɗigo da maƙwabtansa biyu kaɗai yake hulɗa. Ko an raba sandar gida dubu, layuka ukun nan ne kawai ke ɗauke da lambobi. Saboda haka akwai gajeriyar hanyar warwarewa da ake dangantawa da Llewellyn Thomas tun 1949, wadda aikinta ke ƙaruwa daidai da yawan ɗigogi: a ninka ɗigogi sau goma, aiki ya ninku sau goma. Hanyar Gauss ta gama-gari, wadda ba ta damu da sifirorin ba, nata aikin zai ninku kusan sau dubu.

Hanyar sauka ce da hawa. A sauka: a yi amfani da layi na farko a kawar da u1 daga na biyu, sai 2.25 ɗinsa ta koma 1.8056, damansa kuma 44.44. A yi amfani da wannan a kawar da u2 daga na uku, sai ya zama 1.6962 sau u3 daidai yake da 24.615. Daga nan u3 ya fito 14.51. Sai a hau: u2 ya zama 32.65, u1 kuma 58.96. In aka mayar da digiri 30 na iska, tsakiyar sandar tana kan kusan digiri 62.7, nesa da 80 ɗin da aka zata.

To, amma wannan amsa gaskiya ce? A ganina wannan tambaya ta fi duk abin da ya gabata nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Na zaɓi wannan misali da gangan domin yana da cikakkiyar amsa da ake samu da alƙalami, kuma a tsakiya amsar 32.40 ce. Mun sami 32.65, kuskurenmu 0.25. Da gida biyu kacal muka raba sandar, da daidaito ɗaya za mu samu, 3 sau u daidai da 100, wato 33.33, kuskure 0.93. Da gida takwas ne, amsar 32.47 ce, kuskure 0.064.

A dubi jerin: 0.93, 0.25, 0.064. Duk lokacin da aka raba h biyu, kuskure yana raguwa kusan sau huɗu. Ba dace ba ne. Idan aka buɗe u[i+1] da u[i-1] da jerin Taylor aka haɗa su, ɓangarorin da ke da h da h³ suna kashe juna saboda maƙwabtan suna tazara ɗaya hagu da dama, abin da ya rage a lanƙwasar kuma yana tafiya ne da h². Rabin h, rubu'in kuskure.

Amfanin wannan ya fi bayyana a ranar da babu cikakkiyar amsar da za a gwada da ita, wanda shi ne halin yawancin ayyukan gaske. Sai a warware sau uku, da h, da rabinsa, da rubu'insa, a duba tazarar amsoshin. A namu, daga 33.33 zuwa 32.65 tazarar 0.68 ce, daga 32.653 zuwa 32.467 kuma kusan 0.19. Ta ragu kusan sau huɗu, alamar aikin yana kan hanya. Har ma ana iya cin riba: a ninka amsar ƙaramin h sau huɗu, a debe ta babban, a raba da uku. Da 32.467 da 32.653 wannan ya ba da kusan 32.40. Dabarar tana ɗauke da sunan Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila wanda a wajajen 1910 ya yi amfani da bambancin ɗigogi, da hannu, wajen lissafin matsin da ke cikin bangon madatsar ruwa.

Kurakuran da ake yi ba su da yawa, amma suna maimaituwa. Mafi yawa shi ne na alama. Wanda ya debe 0.25 maimakon ya ƙara zai rubuta 1.75 a gurbin 2.25, kuma lissafin zai tafi lafiya lau ya ba shi u1 kusan 111. Hankali kaɗai ya isa ya kama wannan: sandar da ke zubar da zafi ba za ta fi injin da ke ɗumama ta zafi ba. Duk amsar da ta haura ɗari ko ta gaza sifiri a wannan matsala ɓatacciya ce.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A ce ɗaya bakin ba a ruwa yake ba, an naɗe shi ne yadda zafi ba ya fita, wato gangara a wurin sifiri ce. Yanzu u4 ma ba a san shi ba. Mai sauri zai rubuta u4 = u3, amma kuskuren wannan yana tafiya da h ne, ba h² ba, kuma yana gurɓata sandar baki ɗaya: a raba h biyu, sai a ga kuskure ya ragu sau biyu kawai. Gyaran shi ne a ƙirƙiro ɗigon boge u5 a wajen sandar, a ce daidai yake da u3, sannan a rubuta dokar a kan u4. Layin ƙarshe sai ya zama 2.25·u4 - 2·u3 = 0, kuma raguwa sau huɗu ta dawo.

Kada kuma a ɗauka ƙanƙanta h ba shi da iyaka. Kwamfuta tana riƙe lambobi kusan 16 ne a lissafinta na yau da kullum. In ɗigogi suka matsu ƙwarai, maƙwabta suna kusan zama lamba ɗaya, debe su yana cinye lambobin da ke da ma'ana, kuma daga wani matsayi kuskure ya daina raguwa ya fara ƙaruwa.

Mai karatu da ke da kalkuleta, ga aiki: a naɗe bakin sandar nan kamar yadda aka bayyana, a rubuta layuka huɗun, a warware. Zafin u4 zai fito kusa da 27, kuma cikakkiyar amsar 26.58 ce.