Me Ya Sa Sabuwar Shadda Ke Tattarewa Idan An Zauna?

Tela yana gwada mutum ne a tsaye, shi ya sa riga ke sauka sumul muddin mai ita bai zauna ba. Da zarar ya zauna, tazarar da ke tsakanin ƙirji da cinya sai ta ragu, alhali tsawon yadin yana nan yadda yake. Ragowar ba ta da wurin zuwa, sai ta taru a kan ciki. A baya kuwa jan yadin ake yi, shi ya sa ƙafar wando ke ɗagewa.

Sabuwar shadda ta fi nuna wannan. Auduga ba ta komawa yadda take bayan an lanƙwasa ta, ga kuma sitati da bugu sun sandarar da ita, don haka takan karye ne da kaifi, ƙyallinta kuma ya ƙara fito da layin.

Don bambance karyewar zama da layin ninki a hoton wanda ke zaune, sai a dubi inda layukan suka taso. Karyewar zama gajera ce, ba ta da tsari, tana bazuwa daga matsematsi, gwiwar hannu da bayan gwiwa. Layin ninki kuwa dogo ne, miƙaƙƙe, yana ratsa ƙirji inda babu gaɓa. Wannan daga akwati ya fito, kuma guga ce maganinsa.