Ina Masu Danna Talla Suke Ɓacewa Kafin Su Biya?

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin talla a Facebook, Instagram ko Google ya san takaicin nan: kamfanin talla ya ce mutum sama da dubu sun danna, amma ciniki bai kai ashirin ba. Abin da yawancin 'yan kasuwa ke yi shi ne su canza hoton tallan ko su ƙara kuɗi. A ganina wannan gaggawa ce. Tsakanin danna talla da biyan kuɗi akwai matakai huɗu ko biyar, kuma akwai rahoton da ke nuna a wane mataki mutane ke juyawa.

Rahoton yana cikin Google Analytics 4, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin Google a watan Yulin 2023. A shiga sashen Explore, a zaɓi Funnel exploration. Siffarsa ta mazurari ce, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, domin kowane mataki yana da mutane ƙasa da na gabaninsa. Ana iya jera matakai har 10, amma ƙaramin kanti ba ya buƙatar fiye da biyar.

Kafin a karanta komai, sai an ware waɗanda talla ta kawo daga waɗanda suka zo da kansu. Tsohon kwastoma da ya san kanti ba ya shakkar biya, to idan aka haɗa shi da baƙon da talla ta jawo, lissafi zai yi kyau fiye da gaskiya. Ana warewa ne ta hanyar maƙala alama a wutsiyar adireshin da aka sa a tallan:

```
https://example.com/turare?utm_source=facebook&utm_medium=cpc&utm_campaign=sallah
```

Daga nan a tace rahoton ya nuna waɗanda Session medium ɗinsu yake cpc kaɗai. Idan ba a sa wannan alama ba, baƙin da aka biya kuɗi aka kawo daga Facebook sukan faɗa cikin rukunin waɗanda suka zo kyauta, sai mutum ya rasa gane nasa.

Mu ɗauki misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. A ce wata mai sayar da turaren wuta a Kano ta kashe naira 100,000 a tallan Sallah. Facebook ya ce an danna sau 1,300. Rahoton kuwa ya nuna mutum 1,000 ne suka sauka a shafin. Daga cikinsu 120 sun sa kaya a kwando, wato `add_to_cart`. Mutum 80 sun fara cike takardar saye, `begin_checkout`. Mutum 20 sun kai ga zaɓen hanyar biya, `add_payment_info`. Waɗanda suka biya, `purchase`, su 14 ne. Ke nan kowane ciniki ya ci mata sama da naira 7,000 na talla.

Giɓin farko ma ba a cikin mazurarin yake ba. Bambancin 1,300 da 1,000 ya haɗa da wanda ya danna sau biyu, da wanda yatsarsa ta taɓa bisa kuskure, da wanda ya gaji da jiran shafi mai nauyin hotuna ya koma. Facebook dannawa yake ƙirgawa, rahoton kuma mutane, don haka ba za su taɓa zuwa daidai ba. Sai giɓin ya yi faɗi ƙwarai ne za a zargi nauyin shafin.

Ido yakan fara sauka a kan babbar lamba: mutum 880 sun tafi ba su taɓa kwando ba. Amma yawancin masu danna talla leƙe suka zo yi, ba su fito da niyyar saye ba, kuma tafiyarsu ba abin mamaki ba ce. Inda ya kamata a tsaya shi ne layin Abandonment rate, wanda ke nuna kashi nawa cikin ɗari suka watsar a kowane mataki, a kuma auna shi da irin niyyar da mutum ya nuna kafin ya kai wurin. Daga kwando zuwa takardar saye, biyu cikin uku sun wuce. Daga zaɓen hanyar biya zuwa biya, 14 cikin 20. To amma daga cikin 80 da suka fara rubuta suna da adireshi, 60 sun juya, kashi 75 ke nan. Waɗannan sun ga kaya, sun ga farashi, sun yarda, sannan wani abu ya kore su. Ramin yana nan.

Rahoton ba zai faɗi dalili ba, sai dai ya taƙaita wuraren da za a duba. A akwatin Breakdown a sa Device category. A ce ya nuna cewa cikin mutum 80 ɗin, 64 da waya suke, 9 kacal suka wuce, masu kwamfuta kuwa 16 ne, 11 suka wuce. Da tsadar kuɗin aike ne matsalar, da ta kori kowa kusan daidai wa daida. Tunda masu waya ta fi kama, zargi ya koma kan takardar kanta: maɓallin ci gaba da ke ɓuya a ƙarƙashin allon rubutu, ko gurbin lambar waya da ke ƙin karɓar 080 sai da +234, ko tilasta wa mutum buɗe asusu da imel kafin ya sayi kwalba ɗaya. Mai kantin ta ɗauki waya mai araha, ta buɗe tallan daga cikin manhajar Facebook ɗin, ba daga Chrome ba, domin a can baƙinta suke ganin shafin, ta gwada saye da kanta. Ribar gyaran a fili take: idan rabin mutum 80 ɗin suka wuce maimakon kashi ɗaya cikin huɗu, ciniki zai koma kusan 28 a kan naira 100,000 ɗin nan. Da ƙarin talla take son kaiwa can, sai ta sake zuba wata 100,000.

Sai dai ba kowane rami ne na gaske ba. Rahoton abin da aka aiko masa kaɗai ya sani. Yawanci `purchase` yana tashi ne idan shafin godiya ya buɗe. Wanda aka tura shafin Paystack ko Flutterwave, ya yi taransifa, ya rufe waya bai dawo ba, ya biya, amma rahoton zai sa shi cikin waɗanda suka gudu. Haka wanda ya ga kuɗin aike ya danna maɓallin WhatsApp don a yi ciniki baki da baki, abin da ya zama ruwan dare a wajenmu. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta lambar `purchase` da littafin oda na kwanakin. Idan littafi ya ce 25 rahoto ya ce 14, ma'aunin za a fara gyarawa, a kuma sa danna WhatsApp ya zama abin ƙirgawa.

A kuma yi hattara da ƙananan lambobi. Masu kwamfuta 16 ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, mutum uku za su iya juya lissafin. Ishara ce da ke nuna inda za a gwada. Bayan gyara, a canza abu ɗaya kawai, a bar tallan yadda yake, a jira a tara mutane kwatankwacin na farko, kada kuma a sa na jiya da yau a lissafi, domin bayanan kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su kammala shiga. Mai son kwatanta Sallar bana da ta baɗi ya shiga Admin tun yanzu ya mayar da Data retention wata 14, saboda a saitin farko rahotannin Explore ba sa waiwayen baya fiye da wata 2.