Lambobin da Excel ke ɗauka a matsayin rubutu da yadda ake gyara su

A manhajar Excel, gurbi biyu na iya nuna 15750 iri ɗaya a ido, amma ɗaya lamba ce da ake lissafi da ita, ɗaya kuma rubutu ne kawai, wato jerin alamomi kamar sunan mutum ko na gari. An fi cin karo da wannan bayan an shigo da bayanai daga wani wuri, kamar bayanan asusun banki, ko fayil ɗin CSV, ko jadawalin da aka kwafo daga intanet. Fayil ɗin CSV zallar rubutu ne, ba ya ɗauke da bayanin cewa wannan kuɗi ne, wancan kwanan wata ne. Excel ce ke duba kowane gurbi ta yanke hukunci, kuma idan ta ga wani abu maƙale da lambar wanda ba ta gane ba, sai ta ajiye ta a matsayin rubutu.

Haɗarin abin shi ne fomular SUM ba ta yin gargaɗi, tsallake rubutun kawai take yi ta haɗa sauran. A ɗauki misalin ƙungiyar adashi da ta shigo da zubin mutum biyar zuwa gurbin B2 har B6: 12500, 8000, 15750, 4300 da 9450. Jimillarsu naira 50,000 ce. Idan 15750 da 4300 suka shigo a matsayin rubutu, SUM za ta ba da 29,950, naira 20,050 ta ɓace daga lissafi alhali lambobin na nan a fili. A mutum biyar ana iya lura, amma a jadawali mai layi ɗaruruwa giɓin kan wuce ba a sani ba. Haka kuma jerawa daga ƙarami zuwa babba takan rikice, domin a tsarin rubutu 100 na zuwa kafin 20, kuma VLOOKUP kan ba da #N/A idan ana neman lamba a cikin rubutu.

Alama ta farko ita ce inda lambar ta jingina. Idan ba a taɓa tsarin gurbi ba, lamba takan jingina dama, rubutu kuma hagu. Ta biyu ita ce ɗan koren tabo mai kusurwa uku a saman gurbin ta hagu. Sai dai duka biyun ba abin dogaro ba ne sosai, don ana iya canza jinginar da hannu, koren tabon ma ba kullum yake fitowa ba. Gwajin da ya fi tabbas shi ne waɗannan fomula biyu:

```
=COUNT(B2:B6)
=COUNTA(B2:B6)
```

Ta farko lambobi kaɗai take ƙirgawa, ta biyu kuma duk gurbin da ba fanko ba. A misalin adashin za a sami 3 da 5, wato gurbi biyu ne ke da matsala. Don a gano su, sai a rubuta `=ISNUMBER(B2)` a layin tsaye na gefe a ja shi ƙasa. Duk inda FALSE ta fito, nan rubutu yake.

Mutane da yawa kan fara da canza tsarin gurbin daga Text zuwa Number, su ɗauka an gama. Wannan canjin kamannin gurbi yake taɓawa, abin da ke ciki yana nan a rubutunsa har sai an sake shigar da shi, misali a danna F2 sannan Enter. Hakan na yi wa gurbi biyu ko uku, amma ba ya yi wa dogon jadawali.

Idan koren tabon ya fito, hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi gurabun, a danna alamar gargaɗin da ta bayyana a gefe, a zaɓi Convert to Number. Idan bai fito ba, sai a zaɓi layin tsayen, a mayar da tsarinsa General, a shiga Data, a danna Text to Columns, sannan Finish. Wannan na sa Excel ta sake karanta kowane gurbi, amma layin tsaye ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Idan suna da yawa, ana rubuta 1 a wani fankon gurbi, a kwafe shi, a zaɓi duk gurabun, a buɗe Paste Special, a zaɓi Multiply. Ninkawa da 1 ba ya canza ƙima, amma yana tilasta wa Excel ta ɗauki abin a matsayin lamba.

Waɗannan hanyoyi suna aiki ne idan rubutun zallar lamba ne. Idan sun gaza, akwai wani abu ɓoye a gurbin. Fomular `=LEN(B4)` tana ƙirga alamomin da ke ciki. Idan 15750 ta ba da 6 maimakon 5, akwai alamar da ido ba ya gani. Galibi wata irin tazara ce da shafukan intanet ke amfani da ita, mai lamba 160, wadda ta bambanta da tazarar da ake bugawa da hannu, mai lamba 32. Fomular TRIM ta biyun kawai take cirewa, shi ya sa ita kaɗai ba ta isa. Sai a mayar da layin gefe General, a rubuta:

```
=VALUE(TRIM(SUBSTITUTE(B4,CHAR(160),"")))
```

SUBSTITUTE ta cire ɓoyayyar tazarar, TRIM ta share sauran, VALUE kuma ta mayar da abin da ya rage lamba. Haka ake cire ₦ ko NGN idan sun maƙale da kuɗin. Bayan haka sai a kwafe sakamakon, a manna shi a kan tsohon layin da Paste Special da Values, don kada lambobin su lalace idan aka goge layin gefen.

Akwai kuma bambancin yadda ake rubuta lamba. A Najeriya ana rubuta 1,250.50, a Nijar kuwa, bisa tsarin Faransanci, ana rubuta 1 250,50, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Kwamfutar da aka saita a tsarin Ingilishi ba za ta gane na biyun ba. Tun daga Excel 2013 akwai fomular da ake gaya wa alamar da aka yi amfani da ita:

```
=NUMBERVALUE(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160),""),",")
```

Duk da haka, ba kowane jerin lambobi ya kamata a juya ba. Lambar waya a Najeriya tana farawa da sifili, kuma da zarar ta zama lamba sifilin zai faɗi, alamomi 11 su koma 10. Lambar asusun banki mai alamomi 10 ma tana iya farawa da sifili. Excel kuma alamomi 15 kaɗai take riƙewa a lamba, don haka lambar katin banki mai 16 za ta rasa ta ƙarshe ta koma sifili, kuma idan aka adana fayil ɗin a haka ba a dawo da ita sai daga asali. Abin da ake tarawa ko ninkawa, kamar kuɗi da yawan kaya, shi ake mayarwa lamba. Wanda aikinsa shaida ce kawai, a bar shi a rubutu.

Ga wanda ke shigo da irin wannan fayil kowane wata, ya fi sauƙi a tare matsalar tun daga shigowa. Maimakon buɗe CSV kai tsaye, sai a bi ta Data, From Text/CSV, Transform Data, a saita nau'in kowane layin tsaye: Text ga lambar waya da ta asusu, Decimal Number ga kuɗi, tare da Using Locale idan fayil ɗin a tsarin wata ƙasa aka rubuta shi. Kowace hanya aka bi, a ƙarshe a sake gwada COUNT da COUNTA. A misalin adashin dole duka biyun su ba da 5, SUM kuma ta ba da 50,000, daidai da jimillar da ke takardar banki.